Kuɗin Kwana da Kuɗin Gudu

A shekarar da Mubi ta faɗi ina Sharjah, wani gari kusa da Dubai, ina gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a wani ƙaramin kamfani. Aikinmu rabi a cikin gidajen mutane yake, rabi a kan rufin benaye inda injinan suke jere suna huci. Na bar matata da yara biyu a ɗaki biyu na haya a Damilu, wata unguwa a Jimeta. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, tana gidanmu na gado a cikin Yola tare da yayana, Hamma, malamin firamare da albashinsa ba ya zuwa a kan kari. Yayata mace, Adda, tana aure a Mubi, mijinta yana sayar da kayan babur.

A gida ana cewa ina Dubai. Ban taɓa gyara musu ba, don ko na gyara ba abin da zai canza. Wanda ya ji albashina a naira sai ya ɗauka shebur nake sawa ina kwasa. Dirhami dubu ɗaya da ɗari takwas ne, kuma kamfanin bai ba mu masauki ba. Ba ɗaki nake haya ba, gado nake haya, na sama a gado mai hawa biyu, a ɗakin da mu shida muke kwana. Wannan gadon yana cin ɗari biyar har da wuta da ruwa. Abinci karo-karo muke yi, mu sayi shinkafa da wake da mai da kaza mai ƙanƙara mu dafa da kanmu, shi ma yana cin kusan ɗari uku da hamsin. Sai katin waya, sabulu, aski, da kuɗin bas ran Juma'a. Abin da ya rage nakan cire ɗari biyu in ajiye, sauran ya tafi gida.

Wanda ya koya mini wannan tsarin wani dattijo ne mutumin Numan, Kirista, mai walda, da yake kwana a gadon ƙasa da nawa. Ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa. Baba nake ce masa. Ranar da na karɓi albashin farko na zo ina rawar jiki zan tura kusan duka, ya zaunar da ni a bakin gadonsa ya ce in fara biyan mai gida tukuna, in zuba na abinci, sannan in ware na jirgi. Ya ce idan mutum ya bar aiki kafin kwantiraginsa ya cika, kada ya sa rai kowa zai saya masa tikiti, kuma ya ga mazaje da uwarsu ta mutu suna bin ɗakuna suna roƙon kuɗin komawa.

"Wanda ba shi da wurin kwana ba ya zuwa aiki," in ji shi. "Wanda ba ya zuwa aiki ba ya aika komai. Gadon nan naka, shi ne yake ciyar da Dada."

Hanyar aika kuɗi biyu ce. Akwai shagon canji na hukuma, inda za ka nuna katin zama, su cire kuɗin aike, ko kaɗan ka tura ko da yawa ladan kusan ɗaya ne, sannan su ƙara cin wani abu a cikin farashin canjin da ba ka gani sai ka kwatanta. Akwai kuma wani Alhaji ɗan Jimeta mai sayen wayoyi a Dubai yana turawa gida. Shi kana ba shi dirhami a hannu, ya buga wa ƙanensa waya, ƙanen ya ba mutuminka naira a shagonsu na kasuwar Jimeta a ranar. Ba ya cire lada kuma canjinsa ya ɗara na shago, domin dirhamin yake bukata ya sayi kaya. Da shi nake aiki. Sau ɗaya nake turawa a wata, ga matata, ita ta cire na haya da makaranta da cefane, ta kai wa Dada nata har gida. Hamma bai taɓa son wannan ba. A ganinsa kuɗin uwa bai kamata ya bi ta hannun suruka ba. Ni kuwa na ga ita ce ke da haya a kanta, kuma ba ta taɓa rage wa Dada ko sisi ba.

Labarin Mubi ya same ni a kan rufin wani bene. Matata ce ta kira, abin da ba ta yi da rana saboda tsadar kira. Ta ce mutanen dajin nan masu bindiga sun shiga garin, wayar Adda ba ta shiga, ta mijinta ma haka. Ta ce tun safe motoci suke kwararowa ta gadar shiga Jimeta cike da mutane har a saman but, wasu ba takalmi. Na ƙarasa aikin da nake yi don ba yadda zan bar injin a buɗe, amma har yau ban tuna yadda na mayar da kusoshinsa ba.

Cikin 'yan kwanaki gidanmu na Yola ya cika. Dangin mijin Adda, maƙwabtansu, wata tsohuwa da ta ce ta san Dada tun suna 'yan mata, duk sun sauka. Dada ba ta iya cewa babu wuri. Zaure ya zama ɗakin maza, rumfar awaki aka share aka shimfiɗa tabarma. Buhun masarar da yake kai su wata ya ƙare a mako. Muna da gona a Vinikilang, masara ta nuna tana jiran karya, amma gonar tana hayin gada, ɓangaren da hanyar Mubi take, kuma babu ɗan ƙwadagon da ya yarda ya wuni a can. Adda dai har yanzu ba labarinta.

Na je wurin Alhaji ranar Juma'a da abin da ya rage a hannuna. Na same shi a ƙaramin ofishinsa tsakanin kwalaye, yana shan shayi. Ya ƙi karɓar kuɗin. Ya ce ƙanensa ya rufe shago, sun kwashe kaya sun yi Kano da su tun shekaranjiya, babu mai ba kowa naira a Jimeta yanzu. Na tambaye shi ko ya ji wani abu ne. Ya ce bai ji komai ba, shi dai ɗan kasuwa ne, kuma kaya ba su da ƙafa. Duk labaran da na ji a rediyo ba su tsorata ni kamar wannan maganar ba. Mutumin da ya fi kowa son dirhamina ya ce ba ya so.

Sai na koma shagon canji. A nan ne lissafina ya fara rushewa, domin bukatun ba a dunƙule suke zuwa ba. Yau a ce masara ta ƙare, in tura. Bayan kwana kaɗan a ce jaririn wata baƙuwa yana gudawa an kai shi asibiti, in tura. Sannan wani ya kira Hamma da lambar Kamaru ya ce Adda tana can, ta bi ta duwatsu da ƙafa ta tsallaka iyaka, tana bukatar kuɗin mota ta zagayo. Wannan ko bashi ne sai an ci. Kowace turawa da ladanta. Da na haɗa ladan da na biya a watan, ya kai abincina na kusan mako. Matata kuma kowane karo sai ta yi layi a banki tun safe, ana caje jaka a ƙofa, wani lokaci injin ya ce babu kuɗi bayan ta kusa kaiwa. Ta ce mini kowa yana kwashe abin da yake da shi, don an ga yadda bankunan Mubi suka zama kango.

Na fita daga karo-karon abinci. Na koma burodin Larabawa da shayi, da rana in ci abin da masu gida suka miƙo mana idan sun miƙo. Wata rana da la'asar ina saukowa daga tsani jiri ya ɗebe ni, na zauna a ƙasa da kwalbar gas a cinyata. Abokin aikina ya rufa mini asiri bai gaya wa shugabanmu ba, amma ya gaya wa Baba. Da muka koma ɗaki Baba ya zuba shinkafa a faranti ya ajiye a gabana, ya ce ya riga ya biya mini na watan, in biya shi a hankali. Ya ce in na faɗo daga bene, kamfani zai sa gawata a jirgi, wannan kaɗai ne tikitin da suke saye ba gardama.

Shi ma hankalinsa ba a kwance yake ba. 'Yarsa tana karatu a jami'a, tana haya a Sangere, ita ma hayin gada. Ya sa ta tattara ta koma Numan. Da yamma mukan zauna mu biyu da waya ɗaya muna jin labarai, sauran 'yan ɗakin, mutanen Pakistan da wani ɗan Yuganda, suna rage muryar talabijin saboda mu. Sunayen garuruwa suke zuwa a jere kamar yadda mota take wuce su in ka taso daga Mubi. Aka ce Hong. Sannan aka ce Gombi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san bayan Gombi sai Song, bayan Song sai Girei, daga nan sai gada.

Adda ta iso a tsakanin nan, da yara uku. Mijinta da babban ɗansu, mai shekara goma sha biyar, sun fita buɗe shago da safen ranar, ba su dawo ba. Da aka ba ta waya mu gaisa, muryarta lafiya lau take, ta tambaye ni aiki, ta tambaye ni ko ana ruwa a can. Sai Dada ta karɓi wayar.

Washegarin ranar da aka ambaci Gombi albashi ya shigo. Hamma ya kira ni lokacin hutun rana, ina zaune a inuwar tankin ruwa. Ya riga ya gama shirinsa. Ya yi magana da direbobi biyu da za su kwashe Dada da Adda da matata da yara duka zuwa Jalingo. Kuɗin mota ya ninka, kuma direbobin suna son nasu a hannu. A can akwai wani da zai ba su ɗakuna, amma yana son hayar wata shida gaba ɗaya. Hamma ya san ina da ajiya, don ni na taɓa gaya masa. Ya ce in tura albashin duka da ajiyar duka, yau.

Na ce ya ba ni zuwa yamma.

Ban taɓa wuni irin wannan ba. Ina wanke injin wani gida mai sanyi kamar randa, yaran gidan suna kallon katun a talabijin, ni kuwa ina ta juya abu ɗaya. Idan na tura komai, zai kai su Jalingo ya biya ɗakunan. Daga nan ba sauran abin ci, gare su ko gare ni. Albashina yana isa ne kawai saboda a Yola ba a biyan hayar gidan Dada, akwai rijiya, akwai itace, akwai mai shagon da yake ba da bashi don ya san kakanmu. A Jalingo ko ruwa saye za su yi. Baƙin da ke gidan kuma ba sa cikin lissafin motocin, an bar su ke nan da tukunya babu komai. Ni kuma ba zan biya gado ba, ga bashin Baba, ga shi ba ni da na jirgi in wani abu ya faru. Amma idan ban tura ba, aka wayi gari mutanen nan sun tsallako gada, me zan ce na ajiye kuɗin don shi?

Na kira matata. Na ce mata ina tunanin in sayi tikiti in dawo kawai, duk abin da zai faru ya same mu tare. Ta ce in na dawo me zan zo da shi. Ta ce maza sun cika gidan Dada, ba namiji suka rasa ba, wanda ake biya a ƙarshen wata suka rasa. Ta kuma gaya mini abin da Hamma bai faɗa ba, cewa Dada ta rantse ba za ta shiga mota ta bar baƙinta ba, Adda kuma ta ce ba inda za ta, don in ɗanta ya kuɓuto, gidan Yola kaɗai ya sani. Sai ta kawo wata shawara. Maƙwabcinmu a Damilu yana da bas, yana son ya gudu da iyalinsa in ta ɓaci, amma ba shi da kuɗin mai. In muka cika masa tanki muka ƙara jarkoki, zai ajiye motar a shirye, da kujerunmu a ciki.

Da aka tashi aiki na biya mai gida kuɗin gado. Na zuba na abinci. Na ba Baba rabin abin da yake bina. Na raba ajiyata biyu, na haɗa rabi da sauran albashin, na je shagon canji na tura sau ɗaya, lada ɗaya. Na gaya wa matata ta sayi hatsi da yawa tun bai ƙara tashi ba, ta biya man bas ɗin, ta riƙe sauran a jikinta, kada ta bar shi a banki. Sannan na kira Hamma na gaya masa.

Ya tambaye ni nawa na rage. Na faɗa masa gaskiya.

"Wato ka biya wa kanka wurin kwana," ya ce.

Na ce na biya.

"To, Allah ya ba ka barci mai daɗi. In sun zo, zan gaya wa Dada kana da gado."

Ya kashe wayar. Hamma ne ya goya ni zuwa makarantar allo, shi ya sayar da kekensa aka cika kuɗin fasfona. Bai taɓa yi mini magana haka ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba wani abu da ya faru, kuma wannan ya fi komai wuya. Matata ta ce garin ya yi wani irin tsit, shaguna suna rufewa da wuri, sojoji sun tsare bakin gada, kowa da ƙullin kayansa a bayan ƙofa. Yarana da takalmi suke kwana. Tayar keke napep ta fashe a kusa da kasuwa, mata suka zubar da tumatir suka ruga. Ni kuma wayata tana aljihun gaba, duk lokacin da ta motsa sai in ajiye aiki in duba. Na kira Hamma bai ɗauka ba. Dada ce take ɗauka, ta sa mini albarka da Fulatanci, ta ce masara ta iso, ta ce in ci abinci.

Ba su tsallako ba. Sojoji da maharba suka tare su, aka fara jin sunayen garuruwan suna komawa baya ɗaya bayan ɗaya. Bas ɗin maƙwabcinmu bai je ko'ina ba, man da muka saya da shi ya koma lodi. Albashin watan da ya biyo ya makara kusan mako uku, don wani babban mai ba kamfanin aiki bai biya ba, kuma rabin ajiyar nan ce ta riƙe ni da su har ya fito. Ban taɓa kawo wa Hamma wannan a matsayin hujja ba. Ba hujja ba ce. Ban san ba za su zo ba lokacin da na yanke shawarar, shi ma bai san za su tsaya ba. Da sun zo da rana tsaka, da wuya bas ɗaya ya iso Yola daga Damilu ya kwashi kowa.

Baƙin sun watse a hankali, wasu sun koma, wasu sun tafi sansani. Adda ba ta koma ba. Daga nan rabon albashina ya sami sabon kaso, na abincinta da makarantar yaranta, da wani da ba mu sa masa suna ba. Lokaci zuwa lokaci wani zai ce ya ga mai kama da ɗanta a wani sansani a Borno, ko a cikin waɗanda sojoji suka kuɓutar, ko a wani ƙauye a Kamaru. Kowane labari kuɗin mota ne, wani lokaci har da na wanda ya kawo labarin. Na san da yawansu ƙarya ne. Nakan rage daga ajiya in tura, don ban iya zama in auna wannan da kuɗin gadon kwanana ba. Da naira ta faɗi daga baya, dirhamina ya yi ta kumbura a takarda, mutanen gida suka ce na ji daɗi, amma kwanon masara ma tare suka tashi.

Na yi shekaru bayan haka kafin kamfanin ya rage ma'aikata, na dawo. Yanzu ina da ɗan shagon gyara a Jimeta. Dada ta rasu a ɗakinta, dukanmu muna wurin. Ni da Hamma muna gaisawa, muna zama tabarma ɗaya a suna da jana'iza, yana aiko yaransa in firjinsu ya lalace. Maganar ranar nan ba mu taɓa tayar da ita ba.

Watan jiya Adda ta shigo shagona da rana, ta zauna a kan benci ba ta cire mayafi ba. Ta ce wata mata ta kira ta daga wajen Madagali, an ga wani mutum da ya fito daga daji da mata da yara biyu, yana jin Fulatanci, yana da tabo a gira. Ɗanta da tabo a gira, ya faɗo daga babur yana ƙarami. Ta ce in ma shi ne, ba ta san ko wane irin mutum ya zama ba, kuma an ce mutanen garin ba sa son ganin irinsu. Na tambaye ta ko tana so in raka ta. Ta ce a'a, in zauna in yi aikina. Na buɗe aljihun tebur na ba ta na zuwa da dawowa, na ce ta kira ni in ta wuce Gombi.